Log yana cewa an gama, amma girman fayil ya ragu: kwafin ajiyar dare ya cika kuwa?

Sadisu

Assalamu alaikum, jama'a. Ina kula da sabar wani kamfanin sayar da magunguna a sari a nan Kano, kuma yau da safe na ga abin da ya hana ni sukuni. Sabar tana kan Ubuntu 22.04 ne, rumbun bayanan kuma PostgreSQL 14, kuma kowane dare da ƙarfe 1 cron yana tayar da wannan ɗan sikirif da na gada daga wanda ya riƙe aikin kafin ni:

```
pg_dump kanti | gzip > /ajiya/kanti-$(date +%F).sql.gz && echo "$(date) OK" >> /var/log/ajiya.log
find /ajiya -name '*.sql.gz' -mtime +13 -delete
```

Abin da na saba dubawa kowace safiya shi ne log ɗin, kuma babu daren da bai rubuta `OK` ba. Yau ne kawai na leƙa cikin `/ajiya` domin in ga ko wuri ya kusa cika, sai na tarar da fayiloli goma sha biyar waɗanda suka kasu gida biyu. Shida na farko, daga 3 zuwa 8 ga Maris, kowanne ya kai gigabait 1.9, amma tara na baya, daga 9 zuwa 17, duk suna tsakanin megabait 641 da 643. Da na koma kan log ɗin na lura cewa lokacin gamawa ma ya sauya, domin a da ana rubuta `OK` da ƙarfe 1:41, yanzu kuwa da ƙarfe 1:14 ne. Manhajar kantin tana aiki lafiya, ana sayarwa ana buga rasit, babu wanda ya kawo ƙorafi. Tambayata ita ce, ta yaya zan tabbatar ko waɗannan fayiloli tara cikakku ne, ko kuwa kwana tara ke nan ina zaune ba ni da komai?

Injiniya Bala

Wa alaikumus salam, Malam Sadisu. Kada ka ɗaga hankalinka tun yanzu, domin na taɓa ganin irin wannan, kuma a ƙarshe ya zama cewa masu manhajar ne suka share tsofaffin bayanai na shekarun baya ba tare da sun sanar da kowa ba. Idan bayanai suka ragu, dole girman fayil ya ragu, lokacin ma ya ragu tare da shi. Ka gwada `gzip -t` a kan fayil ɗin jiya. Idan bai ce komai ba, to fayil ɗin bai lalace ba. Ka kuma duba `df -h`, saboda cikar faifai ita ce ta fi yawan yanke kwafi a tsakiya.

Sadisu

Na gode, Injiniya. Na gwada `gzip -t` a kan dukan tara kuma babu wanda ya nuna kuskure. Faifan ajiyar kuma kashi 38 cikin ɗari kawai ya ci. Na aika wa masu manhajar saƙo ina tambayarsu ko sun share wani abu, amma ba su amsa ba tukuna.

Malama Hadiza

Malam Sadisu, kafin ka ci gaba da bincike, ka buɗe sikirif ɗin yanzu ka sa alamar `#` a gaban layin `find`, sannan ka kwafe fayilolin nan shida manya zuwa wani faifai dabam. Dalili shi ne layin sharewar ba ya jiran ya ji ko kwafin daren ya yi kyau, kullum sai ya cire mafi tsufa. Idan ya tabbata cewa ƙananan tara ɗin nan guntaye ne, to kana da kwana shida kacal kafin na ƙarshe mai kyau ya tafi, kuma na 3 ga Maris zai tafi a daren yau.

Game da shawarar Injiniya Bala, da girmamawa, `gzip -t` ba ya amsa tambayar da aka yi. Abin da yake tabbatarwa shi ne cewa abin da aka ba gzip ya matse ya fito kamar yadda ya shiga. Idan pg_dump ya mutu bayan ya fitar da kashi ɗaya cikin uku na bayanan, gzip ba ya da hanyar sanin cewa akwai saura. Yana ganin bututun ya rufe ne kawai, sai ya rufe fayil ɗinsa da kyau ya fita da lamba 0. A nan ne kalmar `OK` ta yaudare ka. Idan aka haɗa umarni biyu da bututu, shell ɗin yana ɗaukar lambar fitar na ƙarshe ne, wato gzip, ba ta pg_dump ba. Saboda haka `OK` ɗinka ba ta taɓa nufin an kwafe rumbun bayanai ba, ma'anarta kawai ita ce gzip bai samu matsala ba. Ko da pg_dump bai fitar da komai ba sam, misali an sauya kalmar sirri, za ka sami fayil mai bait 20 da `OK` a gefensa.

Wannan ne kuma ya sa na cire cikar faifai daga lissafi tun kafin ka duba. Da faifai ne ya cika, gzip ne zai kasa rubutu, kuma da ba a rubuta `OK` ba.

Hanya mafi sauri ita ce ka duba wutsiyar fayil ɗin, domin pg_dump yana rubuta wani layi na musamman idan ya kai ƙarshe:

```
zcat kanti-2025-03-08.sql.gz | tail -n 20 | grep 'dump complete'
zcat kanti-2025-03-17.sql.gz | tail -n 20 | grep 'dump complete'
```

Cikakken fayil zai nuna `-- PostgreSQL database dump complete`. Guntu ba zai nuna komai ba.

Injiniya Bala

Na yarda da batun bututun, Malama, ban lura da shi ba. Amma har yanzu ina ganin lissafin yana goyon bayana. Gigabait 1.9 a minti 41 ya kama kusan megabait 46 a minti, kuma megabait 642 a minti 14 shi ma kusan 46 ne. Tunda gudun bai sauya ba, ai na'urar lafiya take, bayanai ne kawai suka ragu.

Malama Hadiza

Lissafinka daidai ne, Injiniya, kuma yana da amfani, sai dai bai kai inda ka kai shi ba. Daidaiton gudun ya kawar da zato guda biyu. Ba a sauya yadda ake matse fayil ba, domin da haka ne, girma zai ragu amma lokaci ba zai ragu daidai da shi ba. Kuma ba nauyi ne ya yi wa sabar yawa ba, domin da lokacin ƙaruwa zai yi. Abin da ya rage shi ne aikin yana tafiya da gudunsa na kullum amma yana tsayawa da wuri, kuma hakan yana iya zama saboda bayanan sun ƙare ko saboda wani abu ya tare shi a hanya. Girma da lokaci ba za su raba mana waɗannan biyun ba, wutsiyar fayil ce za ta raba.

Nura

Ni dai a ganina, yallaɓai, matsalar ita ce ajiye kwafi a cikin ofis. Mu a wurinmu muna tura komai zuwa gajimare kowane dare, ko gobara aka yi ba abin da zai same mu. Ka sayi wuri ka huta da wannan wahala.

Malam Garba

Nura, ƙanena, tura kwafi waje abu ne mai kyau kuma ya kamata Sadisu ya yi shi, amma ba shi ake tambaya ba. Da yana tura waɗannan fayiloli zuwa gajimare, da yanzu yana da guntaye tara a can ma, an adana su lafiya nesa da gobara. Kai ma sai ka duba naka, yaushe rabonka da ka sauko da ɗaya ka buɗe shi?

Sadisu

Na dakatar da sharewar kuma na kwafe manyan shida zuwa faifan waje. Na 8 ga Maris ya nuna layin kammalawa. Na 17 bai nuna komai ba, kuma da na cire `grep` na kalli layukan ƙarshe da idona, sai na ga layukan kayan rasit ne kawai, fayil ɗin ya tsaya a tsakiyar tebur. Na gwada sauran takwas, duk haka suke. Abin da ban gane ba shi ne inda saƙon kuskuren ya tafi, tunda babu ko kalma ɗaya a `/var/log/ajiya.log`.

Malam Garba

Sikirif ɗinka bai taɓa tura kurakurai cikin wannan log ba, layin `echo` kaɗai ke rubutu a ciki. Duk abin da pg_dump ya faɗa na kuskure cron ne ya karɓa, shi kuma cron yana ƙoƙarin aika shi ta imel ga mai aikin. Idan babu manhajar aika imel a sabar, sai ya zubar da shi. Ka nemi wannan a `/var/log/syslog` da misalin ƙarfe 1:14 na dare, ina kyautata zaton za ka ga `No MTA installed, discarding output`. Ka kuma sani cewa layin `CMD` da cron ke rubutawa a can yana nuna an tayar da aikin ne kawai, ba ya cewa komai game da yadda ya ƙare.

Ba sai ka jira dare ba kafin ka ga kuskuren. Sabar PostgreSQL tana da nata log a `/var/log/postgresql/postgresql-14-main.log`, kuma idan daga ɓangarenta matsalar take, to ta rubuta ta sau tara.

Sadisu

Haka ne, Malam Garba, layin `No MTA` yana nan kowane dare tun daga 9 ga wata, kuma babu shi kafin nan. A log ɗin PostgreSQL na ga kuskure iri ɗaya a duk daren. Na sake tayar da pg_dump da hannu bayan an tashi daga aiki, kuma ga abin da ya ce bayan minti goma sha huɗu:

```
pg_dump: error: Dumping the contents of table "invoice_lines" failed: PQgetResult() failed.
pg_dump: error: Error message from server: ERROR:  invalid page in block 48213 of relation base/16384/24611
```

Na tuna cewa ranar 8 ga wata da yamma an ɗauke wuta, batirin inbata bai riƙe ba, sabar ta mutu kafin a tayar da janareta. Ta tashi lafiya bayan haka, shi ya sa ban ba abin muhimmanci ba. Masu manhajar ma sun amsa, sun ce ba su share komai ba.

Malama Hadiza

Yanzu labarin ya haɗu. PostgreSQL yana ajiye kowane tebur a shafuka masu kilobait 8, kuma shafi na 48213 na teburin `invoice_lines` ya lalace har sabar ta ƙi karanta shi. Manhajar kantin ba ta ji komai ba saboda ba ta da dalilin taɓa wannan shafi, mai yiwuwa layukan wasu rasitai ne da babu wanda ya sake nema. Shi kuwa pg_dump dole ne ya bi kowane layi na kowane tebur, don haka kullum yana isa wurin ya faɗi. Wannan ne ya sa girman fayilolin tara ya tsaya kusan wuri guda, ɗan bambancin megabait ɗaya ko biyu kuma daga teburan da suke gaba da shi ne, waɗanda suke ci gaba da ƙaruwa.

Ina so ka fahimci girman abin da babu a cikinsu, domin ya wuce layukan shafi ɗaya. A irin wannan fayil, pg_dump yana fara rubuta tsarin teburan, sannan bayanansu tebur bayan tebur bisa jerin sunayensu, sai a ƙarshe fihirisa da ƙa'idojin da suka ɗaure tebur da tebur. Tunda ya tsaya a harafin `i`, duk teburin da sunansa ya zo bayan nan babu ko layi ɗaya nasa a ciki. Idan kuna da irin su `payments`, `products` da `stock`, to kwana tara ke nan ba a kwafi kuɗin da aka biya ba, ba a kwafi lissafin kaya ba.

Abin da za ka yi a daren nan shi ne ka ceci sauran teburan ta hanyar tsallake bayanan wanda ya lalace:

```
pg_dump --exclude-table-data=invoice_lines -f /ajiya/ceto.sql kanti; echo $?
```

Idan ya buga 0, to sauran suna karantuwa. Bayan haka ka tsayar da sabar PostgreSQL ka kwafi babban fayil ɗin bayananta ɗungurungum zuwa wani faifai kafin kowa ya gwada wani gyara. Za ka ga masu ba da shawarar kunna `zero_damaged_pages`. Wannan yana sa a ɗauki shafin a matsayin fanko, layukan da ke ciki su tafi, don haka ba a yin sa sai a kan kwafi.

Injiniya Bala

To na janye maganata, bayanai ba su ragu ba. Amma ina da ja a kan ɗora laifin ga ɗauke wuta. PostgreSQL an gina shi ne ya jure wannan, yana rubuta canji a WAL, wato littafin da yake lissafa canje-canje, kafin ya taɓa shafin, kuma idan ya tashi yana gyara abin da ya yanke, matuƙar ba a kashe `fsync` ko `full_page_writes` ba. Idan shafi ya lalace duk da haka, ni faifan nake zargi, ko dai yana cewa ya rubuta alhali abin yana cikin ma'ajiyarsa ta wucin gadi, ko kuma ya fara mutuwa ne. Malam Sadisu, ka duba `dmesg` da `smartctl -a`, musamman `Reallocated_Sector_Ct` da `Current_Pending_Sector`.

Malama Hadiza

A wannan kam ina tare da kai, Injiniya. Akwai ma abin da ke ƙarfafa zarginka, domin idan tsohon shafi ne da ba a rubuta komai a kansa a ranar ba, da wuya yankewar wuta kaɗai ta taɓa shi. Haɗuwar ranakun tana nuna alaƙa, amma ba ta nuna ta wace hanya ba.

Mahamadu

Gaisuwa daga Maradi. Ku ba ni dama in kawo nawa, domin ya yi kama da wannan ta wata fuska. Ni fayilolin ofis nake kwafewa da rsync zuwa faifan waje da ke maƙale a `/mnt/waje`. Wata rana bayan wuta ta dawo, na'urar ta tashi amma faifan bai hau ba, sai rsync ya ga babban fayil ɗin `/mnt/waje` yana nan fanko, ya shiga zuba komai a ciki, wato a kan faifan na'urar kanta. Ya fita da lamba 0, log ya yi kyau. Abin da ya tona asirin shi ne lokaci, domin aikin da ya saba ɗaukar minti shida ya ɗauki sa'a biyu da rabi a daren, tunda ya ɗauka sabon kwafi yake yi daga farko. Washegari ya koma minti shida, kuma da ban kalli wancan dare ɗaya ba da sai ranar da faifan na'urar ya cika zan sani. Tun daga nan na sa `mountpoint -q /mnt/waje || exit 1` a farkon sikirif. Ina da tambaya kuma, wani lokaci rsync yana fita da 24, wani lokaci 23. In ɗauke su duka a matsayin faɗuwa?

Malam Garba

Ba ɗaya suke ba, Malam Mahamadu. Lamba 24 tana nufin wasu fayiloli sun ɓace daga tushe tsakanin lokacin da rsync ya lissafa su da lokacin da ya zo kwafarsu, abin da ke faruwa da fayilolin wucin gadi idan ana aiki a kan na'urar, kuma yawanci ba abin damuwa ba ne. Lamba 23 kuwa tana nufin akwai abin da ya kasa kwafa saboda kuskure, misali an hana shi izinin karantawa ko faifai ya ƙi ba da fayil ɗin, kuma wannan sai ka karanta log ka ga sunan fayil ɗin. Ni ina barin 24 ta wuce da gargaɗi, 23 kuma ina ɗaukarta faɗuwa.

Labarinka ya tuna mini da wani gibin da duba log ba ya kamawa cikin sauƙi, wato daren da aikin bai tashi ba sam. Idan sabar a kashe take da ƙarfe 1, cron ba ya rama aikin idan ta tashi, kuma ba za a rubuta kuskure a ko'ina ba, layin ranar ne kawai zai zama babu, ido kuma ba ya saurin ganin abin da babu. A inda wuta take kamar tamu, ya fi kyau a yi amfani da agogon systemd mai `Persistent=true`, wanda ke rama aikin da aka rasa, sannan a sa wata na'ura dabam ta riƙa tambaya kowace safiya ko akwai fayil mai kwanan watan yau.

Sadisu

Kwafin ceton ya fita da 0, kuma na kwafi babban fayil ɗin bayanan bayan na tsayar da sabar. `fsync` da `full_page_writes` duk a kunne suke. `Current_Pending_Sector` yana nuna 0, `Reallocated_Sector_Ct` kuma 8, amma ban san ko tun da haka yake ba tunda ban taɓa dubawa ba. Ga sabon sikirif ɗin, ku duba mini:

```
#!/bin/bash
set -euo pipefail
f=/ajiya/kanti-$(date +%F).sql.gz
pg_dump kanti 2>>/var/log/ajiya.err | gzip > "$f.tmp"
zcat "$f.tmp" | tail -n 20 | grep 'dump complete' >/dev/null
mv "$f.tmp" "$f"
find /ajiya -name '*.sql.gz' -mtime +14 -delete
```

Malama Hadiza

Tsarin ya yi. Yanzu faɗuwar pg_dump za ta tsayar da komai, fayil ba zai sami sunansa na gaskiya ba sai ya cika, kuma sharewa ba za ta gudana ba sai bayan an sami sabon kwafi mai kyau. Ka tabbata crontab yana kiran fayil ɗin kai tsaye ko da `bash`, domin idan an rubuta `sh` a gabansa, a Ubuntu 22.04 dash ne zai karɓa, shi kuma bai san `pipefail` ba. Ka mayar da layin log ɗin kuma, amma wannan karon ya rubuta lokacin farawa, lokacin gamawa da girman fayil a bait, domin gobe ka iya jera na wata guda ka ga yadda suke tafiya. Sannan ka tuna cewa sikirif ɗin da ya tsaya shiru bai fi na da ba idan babu wanda ya ji, don haka sai ka haɗa shi da saƙon da zai iso wayarka.

Saura abu mafi nauyi, wato ba ka riga ka san ko na 8 ga Maris zai maidu ba. Layin kammalawa yana nuna pg_dump ya kai ƙarshe ne kawai. Ka ɗauki wata na'ura, ba sabar aiki ba, ka gwada:

```
createdb gwaji
zcat kanti-2025-03-08.sql.gz | psql -v ON_ERROR_STOP=1 -d gwaji
```

`ON_ERROR_STOP` yana da muhimmanci saboda psql, idan an bar shi yadda yake, yana wuce kuskure ya ci gaba. Kuma ko ya gama shiru kada ka tsaya nan, domin guntun fayil ma yana iya shiga ba tare da ƙorafi ba idan ya yanke a ƙarshen layi. Ka ƙirga layukan manyan tebura uku ko huɗu, ka duba kwanan watan rasit na ƙarshe, ka ga ko ya dace da yammacin 7 ga wata.

Nura

Malam Garba, na bi maganarka na sauko da na jiya. Namu da `pg_dump -Fc` ake yi, na gwada `pg_restore --list` kuma ya jero dukan teburan. Ina ganin wannan ya wadatar, ba sai na maido ba.

Malam Garba

Bai wadatar ba, Nura. Wannan jerin daga kan fayil ɗin ake karanto shi, don haka fayil da aka yanke wa rabi yana iya jero maka sunayen teburan da bayanansu ba su iso ba. Idan ba ka da inda za ka maido, aƙalla ka yi `pg_restore -f /dev/null` a kansa, wanda zai tilasta a karanta shi har ƙarshe. Idan kuma ka yi maidowa ta gaske, ka sa `--exit-on-error`, in ba haka ba zai wuce kurakurai ya ba ka adadinsu kawai a ƙarshe.

Sadisu

Gwajin farko ya tsaya cikin daƙiƙa kaɗan da `role "kanti_app" does not exist`. Ashe pg_dump ba ya ɗaukar masu amfani da izininsu na sabar, sai da `pg_dumpall --globals-only`, kuma ba mu taɓa ajiye wannan ba. Na ɗauko shi daga sabar, na sake gwadawa, ya shiga duka cikin sa'a biyu da minti hamsin, mafi yawan lokacin kuma wajen gina fihirisa ya tafi. Rasit na ƙarshe na 7 ga Maris ne da ƙarfe 6:52 na yamma, adadin layukan kuma ya yi daidai da abin da nake tsammani. Ban taɓa sanin cewa kwafin minti 41 zai ci kusan sa'a uku wajen maidowa ba, kuma na gaya wa mai kamfanin wannan adadi domin ya san tsawon lokacin da kanti zai tsaya idan ta ɓaci.

Injiniya Bala

Madalla. Ni zan sa faɗakarwa idan girman ya sauka da fiye da kashi 10 cikin ɗari daga na jiya, kuma in yi gwajin maidowa sau ɗaya a wata.

Malama Hadiza

Idan da na jiya kaɗai kake kwatantawa, Injiniya, a irin lamarin Sadisu faɗakarwar za ta yi ƙara sau ɗaya ne a daren 9 ga wata, daga nan ta yi shiru saboda 642 ya yi daidai da 641. Gara a kwatanta da na ƙarshe wanda aka gwada maidowarsa. Wata guda kuma ya yi mini tsawo ga wanda yake ajiye kwana goma sha biyar kacal, domin duk masu kyau za su iya shuɗewa tsakanin gwaji da gwaji. Ko dai gwajin ya zama na mako, ko a riƙa ware kwafi ɗaya na kowane wata ana ajiye shi dabam.

Injiniya Bala

Gwajin sa'a uku kowane mako yana buƙatar na'ura ta biyu da wutar da za ta riƙe ta, kuma ba kowane kanti ne zai saya ba. Ni na fi karkata ga tsawaita ajiyar.

Sadisu

Zan ware na wata-wata tun yanzu, batun na'ura ta biyu kuma sai abin da mai kamfanin ya ce. Abin da ya rage mini shi ne teburin `invoice_lines` kansa, domin har yanzu sabon sikirif ɗin yana faɗuwa kowane dare, kamar yadda ya kamata, kuma da kwafin ceto nake kwana. Tunanina shi ne in fitar da layukan da ke kafin shafi na 48213 da na bayansa daga kwafin sabar, in kwatanta lambobinsu da na 8 ga Maris, in cike gibin daga can. Abin da ke damuna shi ne idan akwai layin da aka rubuta a wannan shafi ranar 8 da rana, bayan kwafin ƙarshe mai kyau, domin shi ba ya cikin kowane fayil. Malama Hadiza, akwai hanyar da zan gane lambobin layukan da ke shafin daga fihirisa kafin in taɓa komai, ko sai na bi rasitan takarda na ranar ɗaya bayan ɗaya?